Abin da Ya Fita Jaka Ba Ya Komawa: Yadda Ake Lissafin Ƙuri'a da Zanen Bishiya

Duk inda aka taru za a ɗibi ƙuri'a, da wuya a tashi ba a yi gardamar wanda zai fara sa hannu ba. Mata goma 'yan adashi sun zauna a tsakar gida. Uwar adashi ta yayyaga takarda gida goma, ta rubuta lambobi daga 1 zuwa 10, ta nannaɗe, ta zuba a jaka. Wadda ta ciro lamba 1 ita ke da kwasar farko. Nan take wata za ta miƙe ta ce a bar ta ta fara tun mai kyan ba ta fita ba. Wata kuma ta noƙe, wai gara a rage tarkacen tukuna, in ya so ta sa hannu lokacin da takardun suka yi kaɗan. Kowacce da hujjarta, kuma in ka saurare su sai ka ga kamar duk suna da gaskiya.

Wannan gardama tana da amsa, kuma amsar tana cikin darasin da 'yan sakandare ke haɗuwa da shi a lissafi kafin jarrabawar WAEC da NECO: mene ne yiwuwar ciro abu kaza daga jaka idan abin da aka ciro ba a mayar da shi. Ana warware shi da wani zane mai sauƙi da ake kira zanen bishiya. Za mu dawo kan 'yan adashi, amma bari mu fara da ƙaramar jaka wadda za mu iya ganin cikinta sarai.

A ce a jakar akwai goro takwas, biyar ja, uku fari, girmansu ɗaya, an girgiza su sun gauraya. Ka rufe ido ka ciro guda. Goro takwas ne hannunka zai iya faɗawa a kai, biyar daga cikinsu ja, saboda haka yiwuwar ja biyar bisa takwas ce, ana rubuta ta 5/8, ta fari kuwa 3/8. Lambar ƙasa ita ce yawan abin da ke jakar gaba ɗaya, ta sama kuma yawan irin da kake nema. Wannan ba ya ba kowa wahala.

Wahalar tana farawa ne a ciro na biyu. Idan ka mayar da goron farko ka sake girgizawa, jakar ta koma yadda take, lissafi bai motsa ba. Idan kuwa ka jefa shi aljihu, to jakar da za ka sa wa hannu yanzu wata jaka ce dabam. Goro bakwai suka rage, wannan tabbas ne. Amma bakwai ɗin nan guda nawa ne ja, guda nawa fari? Sai an san abin da ya fita da farko. In ja ne ya fita, saura ja huɗu da fari uku. In fari ne, saura ja biyar da fari biyu. Ke nan tambaya ɗaya ta rabu gida biyu, kuma dole a bi kowane gida da nasa lissafin. Kai ba ya iya riƙe irin wannan rarrabuwa da yawa ba tare da ya ruɗe ba, shi ya sa ake zana ta a takarda.

Ana farawa da ɗigo guda a gefen hagu, shi ne tushe. Daga nan a ja layi biyu, ɗaya na ja, ɗaya na fari, a rubuta yiwuwar kowanne a kansa. A ƙarshen kowane layi a sake jan wasu biyu na ciro na biyu. Ga yadda abin yake kasancewa:

```
          ┌─ 4/7 ─ Ja     Ja, Ja      20/56
 5/8 Ja ──┤
          └─ 3/7 ─ Fari   Ja, Fari    15/56

          ┌─ 5/7 ─ Ja     Fari, Ja    15/56
 3/8 Fari ┤
          └─ 2/7 ─ Fari   Fari, Fari   6/56
```

Dabarar cika zanen ita ce, duk lokacin da alƙalaminka ya iso wata mararraba, ka tsaya ka tambayi kanka: a daidai nan, me ya rage a jaka? Kada ka dubi jakar farko, kada ka dubi reshen maƙwabta. Wanda ya biyo ta reshen ja, jakarsa ja huɗu ce da fari uku, shi ya sa ka ga 4/7 da 3/7. Wanda ya biyo ta reshen fari, tasa ja biyar ce da fari biyu, 5/7 da 2/7. Ni kan shawarci ɗalibi ya rubuta abin da ya rage da ƙananan haruffa a kowace mararraba, kamar J4 F3, kafin ya rubuta wata yiwuwa. Yana cin ɗan lokaci, amma yawancin kurakurai a nan suke mutuwa.

Ninkawa a tsawon reshe, tarawa tsakanin rassa

Lambobin da ke can ƙarshen zanen, daga ina suka fito? An same su ne ta hanyar ninka abin da ke kan hanyar da aka bi daga tushe zuwa ƙarshe. Ja sannan ja: 5/8 × 4/7 = 20/56. Mutane da yawa sun haddace cewa ninkawa ake yi ba tare da sun san dalili ba, alhali dalilin a fili yake. Ka ɗauka an maimaita wannan wasa sau 56, kuma komai ya tafi daidai bisa rabonsa. A cikin 56 ɗin, biyar bisa takwas za su fara da ja, wato sau 35, sauran 21 su fara da fari. A cikin 35 da suka fara da ja, huɗu bisa bakwai ne za su sake samun ja, wato 20, sauran 15 su sami fari. A cikin 21 da suka fara da fari, 15 za su sami ja, 6 su sami fari. Ninkawar ba komai ba ce illa ɗaukar kaso daga cikin wani kason da aka riga aka ɗauka.

Akwai wata hanyar ganin 56 ɗin nan. Goron farko yana iya zama kowanne cikin takwas, na biyu kowanne cikin bakwai da suka rage, takwas sau bakwai 56. Waɗannan su ne duk hanyoyin da goro biyu za su iya fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wadda ta fi wata dama. Ashirin daga cikinsu ja ne da ja. Bishiyar tana tattara hanyoyi 56 ne ta ɗaure su cikin dami huɗu don a huta da jera su.

Da zarar an cika ƙarshen rassa huɗun, aikin ya ƙare, saura karatu. Kowace tambaya da za a yi maka, ka nemi rassan da suka amsa ta, ka tara. Mene ne yiwuwar goro biyun su zama kala ɗaya? Reshe na sama da na ƙasa: 20/56 + 6/56 = 26/56. Su bambanta fa? Rassa biyu na tsakiya: 15/56 + 15/56 = 30/56. Ana tarawa ne saboda ba za a bi rassa biyu a wasa ɗaya ba, ko dai wannan ya faru ko wancan.

Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce ta "ja ɗaya da fari ɗaya". Sai ɗalibi ya rubuta 15/56 ya wuce, ya manta cewa farin yana iya rigan jan fitowa. In an ce "ja sannan fari", reshe ɗaya ake nufi. In an ce "ja da fari" ba a faɗi wanda ya riga ba, rassa biyu ne. Ita kuma tambayar "aƙalla fari ɗaya", rassa uku ne suka amsa ta, kana iya tara su ka sami 36/56. Amma ya fi sauƙi ka nemi reshe ɗayan da babu fari ko kaɗan, wato 20/56, ka cire shi daga 56/56, amsar dai 36/56 ce, ko 9/14 in an rage ta. A ciro biyu bambancin wahalar ba shi da yawa. A ciro biyar ko shida, wannan gajeriyar hanya ce kaɗai mai hankali zai bi.

Zanen yana da hanyoyi biyu na tona kuskure da kansa. Rassan da suka fito daga mararraba ɗaya dole jimillarsu ta zama ɗaya cif: 4/7 da 3/7 sun ba da 7/7. Wanda ya rage lambar ƙasa ya manta ta sama, ya rubuta 5/7 da 3/7, zai ga 8/7, alamar yana ƙirga goron da ya riga ya shiga aljihu. Wanda ya rage ta sama ya bar ta ƙasa, 4/8 da 3/8, zai ga 7/8, goro guda ya ɓace masa. Haka nan lambobin ƙarshe gaba ɗaya dole su haɗa ɗaya: 20 da 15 da 15 da 6 sun ba da 56. Don haka ne ma bai kamata a yi gaggawar rage su ba. In ka mayar da 20/56 zuwa 5/14, 6/56 kuma zuwa 3/28 tun da wuri, ka jawo wa kanka aikin sake daidaita lambar ƙasa kafin ka iya tarawa. Bar su a kan 56 har sai amsar ƙarshe.

Idan ana son ciro na uku, kowane ƙarshe zai sake tsagewa biyu, rassa su zama takwas, lambar ƙasa ta zama takwas sau bakwai sau shida, 336. Ja uku a jere: 5/8 × 4/7 × 3/6 = 60/336. Fari uku: 3/8 × 2/7 × 1/6 = 6/336. Wani abin lura shi ne, ja biyu da fari ɗaya suna iya fitowa ta hanya uku, farin ya zo farko, ko tsakiya, ko ƙarshe, kuma kowace hanya 60/336 take bayarwa, domin lambobin sama 5 da 4 da 3 ne kullum, wuri kawai suke sauyawa. Saboda haka a lissafa guda a ninka da uku, 180/336. Kuma in aka ci gaba zuwa ciro na huɗu, wanda ya biyo ta fari uku zai tarar farin ya ƙare, reshen fari ya zama 0/5, na ja 5/5. Wannan ba kuskure ba ne. A jakar da ba a mayarwa, reshe yana iya bushewa.

Na biyu bai fi na farko ba

Yanzu ga tambayar da ta fi duk sauran daɗi. Kafin a taɓa jakar, ko kuma an ciro goron farko an dunƙule a hannu ba wanda ya gani, mene ne yiwuwar goro na biyu ya zama ja? Yawancin mutane za su ce ai ba za a sani ba sai an ga na farko. Wasu su ce dole ta ragu, tunda jan ya fi yawa, mai yiwuwa shi ya fita. Mu duba bishiya. Rassan da suka ƙare da ja biyu ne: ja sannan ja, 20/56, da fari sannan ja, 15/56. Jimilla 35/56. A raba sama da ƙasa da bakwai, sai ga 5/8. Daidai da ciro na farko, ba ƙari ba ragi.

Ba dace aka yi ba. In ja ya fita da farko, damar ja ta sauka zuwa 4/7. In fari ya fita, ta hau zuwa 5/7. Saukar ta fi yawan faruwa amma ƙarama ce, hawan bai cika faruwa ba amma ya fi girma, sai suka cinye juna tas. Haka zai kasance a ciro na uku, da na huɗu, har zuwa goron ƙarshe da ya rage shi kaɗai a gindin jaka. Muddin ba ka ga abin da ya fita ba, damarsa ta zama ja 5/8 ce. Abin da ke sauya lambar shi ne labarin da ya iso maka. Goron da aka cire a ɓoye bai gaya maka komai ba, don haka a wurinka daidai yake da wanda ke kwance a jaka.

Labarin ma yana iya tafiya da baya. A ce na farko yana dunƙule a hannu, aka ciro na biyu aka nuna, ja ne. Me za a ce game da na hannun? Rassa biyu ne kawai suka rage a raye, mai 20 da mai 15, jimilla 35. A cikinsu 20 ne suka fara da ja. Yiwuwar na hannun ja ne ta zama 20/35, wato 4/7. Ciro na biyu bai sauya goron da ke hannu ba, amma ya sauya abin da muka sani a kansa.

To mu koma tsakar gida. Takarda goma, ɗaya ce mai lamba 1. Ta farko damarta 1/10. Ta biyu sai ta farko ta kuskure, 9/10, sannan ita ta dace cikin tara da suka rage: 9/10 × 1/9 = 1/10. Ta uku: 9/10 × 8/9 × 1/8, taran sama ta kashe ta ƙasa, takwas ta kashe takwas, saura 1/10. Bishiyar nan doguwa ce mai gangarowa gefe ɗaya, domin duk inda lamba 1 ta fita reshen ya tsaya, kuma a kowane mataki amsar ba ta sauyawa. Ta goma ba ta da zaɓi ko kaɗan, abin da aka bar mata za ta ɗauka, amma damarta 1/10 ce kamar ta kowa. Mai cewa gara a rage takardu ta ga rabin gaskiya: in har lambar ba ta fita ba, damarta tana ƙaruwa. Abin da ta manta shi ne mai yiwuwa ta fita kafin layi ya iso kanta. Mai gaggawar farawa ita ma rabin ta gani. In uwar adashi ta ce, "Hajiya, ke ce babba, bismilla fara," girmamawa ce kawai, ba ta ƙara mata komai ba, ba ta kuma tauye ƙanwar da ta zo ƙarshe ba.

Sai dai kada a ɗauki wannan a kai shi inda bai dace ba. A shekarar 1657 masanin ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya fitar da ɗan littafi kan lissafin wasannin sa'a, ya rufe shi da tambayoyi biyar. Ɗaya daga ciki ta ce mutum uku suna da ƙwayoyi goma sha biyu, huɗu farare takwas baƙaƙe, suna cirowa bi da bi ido a rufe, wanda ya fara ciro fari shi ya ci. A nan na farko ya fi saura dama ƙwarai. Idan ba a mayarwa, rabon mutum ukun 77 ne da 53 da 35. Dalili kuwa, farare huɗu ne, kuma wanda ya riga shi ke kwashe komai, wasa ya tashi. Kowane ciro damarsa ta zama fari ɗaya ce, amma damar zama farin farko ba ɗaya ba ce. Abin dariyar shi ne, yadda aka rubuta tambayar bai fayyace ko ana mayar da ƙwayar ba, har Jacob Bernoulli, a littafinsa da ya fito a 1713, ya zauna ya warware ta ta fuska fiye da ɗaya. In ana mayarwa, rabon 9 ne da 6 da 4. Ke nan ɗalibin da ya karanta tambayar jarrabawa bai lura ko an ce a mayar ko kada a mayar ba, tsohon rami ya faɗa.

Daga jaka zuwa kwali

Wannan lissafi ba na goro da takardu ba ne kaɗai. Duk wanda ke ɗibar kaɗan daga cikin kaya ya duba don ya yanke hukunci a kan sauran, cirowa yake yi ba mayarwa. Ɗan kasuwa ya sayi kwalin ƙwan lantarki mai guda goma sha biyu. A ce biyu daga ciki matattu ne, shi bai sani ba. Ya zaro uku ya gwada a soket ɗin mai shago, duk suka kama. Ya biya ya tafi da kwanciyar hankali. Shin gwajin nan ya isa?

Ba sai an zana bishiyar gaba ɗaya ba, reshe ɗaya muke bukata, na mai kyau sau uku a jere: 10/12 × 9/11 × 8/10 = 720/1320, wato 6/11. Kusan kashi 55 cikin 100 ke nan. Ma'ana, kwalin da ke da matattu biyu zai tsallake gwajin guda uku fiye da rabin lokaci. In ya daure ya gwada shida, rabin kwalin, reshen zai ci gaba da 7/9 da 6/8 da 5/7, amsar ta sauko zuwa 5/22, kusan kashi 23 cikin 100. Har yanzu wajen sau ɗaya cikin huɗu zai koma gida da matattun biyu ba tare da ya gan su ba. A ganina wannan shi ne wurin da darasin ya fi amfani, domin zuciya takan ɗauki "na gwada uku duk lafiya" a matsayin shaida mai ƙarfi, lissafi kuwa ya nuna rarrauna ce idan ɓatattun kaɗan ne.

Akwai kuma tambayar yaushe rashin mayarwa yake da tasiri sosai. A jakarmu ta goro takwas, ja biyu a jere in ana mayarwa 25/64 ne, kusan kashi 39 cikin 100. In ba a mayarwa 20/56 ne, kusan kashi 36. Fari biyu kuwa daga kusan kashi 14 ya sauko zuwa kusan 11. Rashin mayarwa kullum yana rage damar maimaita kala ɗaya, kuma ya fi cizon kalar da ba ta da yawa, tunda cire ɗaya daga cikin uku ya fi cire ɗaya daga cikin biyar zafi. Amma a ce buhu ne mai goro 800, ja 500 fari 300. Ja biyu a jere ba mayarwa zai zama 500/800 × 499/799, kashi 39 cikin 100, bambancinsa da na mayarwa sai an je can cikin ƙananan lambobi ake ganinsa. Goro ɗaya bai isa ya sauya buhu ba. Shi ya sa masu ƙididdiga, idan abin da suka ɗiba ɗan kaɗan ne a kan taron, sukan yi lissafi kamar ana mayarwa don sauƙi. A ƙaramar jaka kuwa, ko a kwali mai goma sha biyu, yin haka kuskure ne.

Bishiyar tana da iyakarta. Kala biyu, ciro goma, rassa za su iya haura dubu. Kala uku kuwa, tun a ciro na huɗu ana maganar rassa 81. A nan ake ajiye zane a koma ga ƙa'idojin ƙirga zaɓi, waɗanda ba wani sabon abu suke yi ba illa ƙirga rassa masu amsa iri ɗaya a dunƙule, kamar yadda muka ninka 60 da uku ɗazu.

Iyakar da ta fi wannan muhimmanci tana can a jimlar da muka wuce da sauri tun farko: girmansu ɗaya, an girgiza sun gauraya. Duk lambar da ke kan rassan nan a kan wannan sharaɗi ta tsaya. Goro na gaske ba ya zama girma ɗaya, kuma mai sayar da goro yana iya gane wanda yake so da yatsa ko ido a rufe. Takardar ƙuri'a ma haka. In an naɗe ɗaya da ƙarfi saura sako-sako, ko an yago ta daga gefen littafi mai kauri, ko ita aka jefa ƙarshe ta zauna a sama, to 1/10 ta zama magana a takarda kawai. A irin wannan hali wanda ya fara sa hannu, musamman in ya ga lokacin da ake naɗewa, yana iya fin saura dama da gaske.

Wannan ya taɓa faruwa a gaban idon ƙasa guda. Ranar 1 ga Disamba 1969, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'a don tsara waɗanda za a fara kira aikin soja na dole. An rubuta ranakun shekara 366, har da 29 ga Fabrairu, aka sa kowace a cikin ɗan ƙwanso, aka zuba a babban tulun gilashi ana cirowa ɗaya bayan ɗaya ba mayarwa. Ranar da ta fara fita ita ce 14 ga Satumba, samarin da aka haifa a ranar su ne a sahun gaba. Bisa lissafin da muka yi, kowace rana damarta ta fitowa da wuri ɗaya ce da ta kowace. Amma da masana ƙididdiga suka duba sakamakon, sai suka ga ranakun watannin ƙarshen shekara, musamman Disamba, sun fito da wuri fiye da yadda sa'a kaɗai za ta iya bayarwa. Da aka bi diddigi, an gano cewa wata-wata aka riƙa zuba ƙwanson tun daga Janairu, na Disamba suka shiga ƙarshe, kuma juyawar da aka yi ba ta isa ta gauraya su ba, sai suka fi zama kusa da inda hannu ke kaiwa. A ƙuri'ar shekara mai zuwa sai aka sauya tsari, aka yi amfani da ganguna biyu masu juyawa, ɗaya na ranaku ɗaya na lambobi, ana ciro guda daga kowanne a haɗa su.